Tsakanin “Ya Ce” da “Wai”: Amanar Taƙaita Jawabin Ɗan Siyasa

Da wuya a sami baligi a ƙasar nan da bai san cewa ranar Litinin, 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya taɓo batun tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki ba. Amma a tambayi mutane abin da ya faɗa takamaimai, nan take za a ji baki ya rabu. Wani zai ce ya cire tallafi. Wani ya ce a'a, gwamnatin Buhari ce ta cire, shi shela kawai ya yi. Na uku kuwa cewa zai yi shugaban ya jefa talaka cikin uku tun bai sauka daga mumbari ba. Dukansu taƙaitawa suka yi, kuma kowanne ya cuɗa abin da kunnensa ya ji da abin da zuciyarsa ta raya masa, har shi kansa ba zai iya raba su ba.

Ni ma ina da ra'ayi a kan wannan batu, kuma ba mai sanyi ba ne, domin da albashin malamin jami'a nake shan mai. Sai dai wani ɓangare na aikina shi ne koya wa ɗalibai yadda za su saurari jawabin da aka naɗa, su mayar da shi sakin layi biyu ko uku, ta yadda wanda bai ji ba zai san abin da aka faɗa ba tare da ya gane jam'iyyar da mai rubutun ya zaɓa ba. Wannan jawabi na Abuja shi nake yawan ba su, saboda babu tarkon da mai taƙaitawa ke faɗawa wanda ba a ɗana a cikinsa ba.

Tarkon farko yana nan tun kafin a ɗauki alƙalami. Jawabin shugaba yakan zo ta hanya biyu: rubutaccen da ake raba wa manema labarai, da kuma wanda ya fito daga bakinsa aka naɗa. Galibi sukan yi kusa da juna, shi ya sa mai gaggawa yake ɗaukar rubutaccen ya huta da wahalar sauraro. A wannan karon ba su zo daidai ba. Rubutaccen jawabin ya yaba wa gwamnati mai barin gado a kan matakin janye tallafin sannu a hankali, ya ce tallafin ya fi amfanar masu hali a kan talakawa, kuma kuɗin da yake ci ya wuce a ci gaba da kare shi. Jimlar nan da kowa ya haddace, wadda ke cewa tallafi ya tafi, babu ita a takardar. A kan mumbari aka haife ta. Shugaban da kansa, lokacin da ya gana da 'yan Nijeriya mazauna Faransa a birnin Faris cikin watan Yunin wannan shekara, ya faɗa cewa ba ta cikin abin da aka rubuta masa, ƙarfin hali ne ya zo masa bayan ya hau mumbari. Ke nan wanda ya taƙaita daga takarda ya rasa maganar da ta fi kowace girgiza ƙasa, alhali bai ƙara ko wasali ɗaya na ƙarya ba. Magana zarar bunu ce, kuma wadda aka zara ita ce jawabin. Takarda niyya ce kawai.

Saboda haka nakan ce wa ɗalibai su nemi cikakken faifan, daga gaisuwa zuwa rufewa, su guji guntun daƙiƙa talatin da ake turawa a waya. Sauraron farko ba a riƙe alƙalami, ana so ne a ji inda jawabin ya dosa. A na biyu ake tsayar da faifan bayan kowace gaɓa, a rubuta abin da aka faɗa tare da mintin da aka faɗe shi, domin in gardama ta taso daga baya a san inda za a koma. Na uku na duba aiki ne, bayan an gama rubutu. In akwai rubutaccen jawabi, a ajiye shi a gefe ana bi da yatsa, duk inda baki ya saɓa wa takarda a yi alama. Aiki ne mai cin rai, kuma jawabin rabin sa'a yakan cinye yammaci guda.

Daga nan sai rarrabe maganganun, wanda shi ne gundarin aikin. Mu ɗauki 'yan jimlolin tallafin nan kaɗai. A faifan, shugaban ya ce kasafin kuɗin da ya gani kafin ya karɓi mulki bai yi tanadin tallafin mai ba. Wannan da'awa ce game da wani abu da ke nan a ƙasa, ana iya buɗe kasafin a duba. Sai ya ce tallafi ya tafi, wadda sanarwa ce. Ya kuma ce tallafin ba zai iya ci gaba da kare tsadarsa ba yayin da kuɗin shiga ke ƙafewa, wannan kuwa hukunci ne, ra'ayinsa ne a kan abin da ya dace. Daga ƙarshe ya ce za a karkatar da kuɗin zuwa ayyukan more rayuwa da ilimi da lafiya da samar da aikin yi, wanda shi ne alkawari. Abubuwa huɗu ke nan masu jinsi daban a cikin numfashi kusan guda, kuma kowanne da irin fi'ilin da ya dace a ɗauko shi da shi. Da'awa ana iya gaskata ta ko a ƙaryata ta tun yau. Alkawari ba gaskiya ba ne ba kuma ƙarya ba a ranar da aka yi shi, sai lokaci ya yi masa alƙalanci. Hukunci kuwa ba a auna shi da ma'auni, sai dai a yarda ko a ƙi. Mai taƙaitawar da ya rubuta, “Za a yi amfani da kuɗin tallafi wajen gina makarantu da asibitoci,” ba tare da jingina maganar ga mai ita ba, ya ɗauki alkawarin wani ya ɗora a kansa, kuma ya ƙara makarantu da asibitoci waɗanda ba a ambata da suna ba. Alkawari kaya ne, bai kamata ɗan aike ya tallabe shi a madadin wanda ya ɗauka ba.

A nan Hausa take da nata sharaɗin, domin yawancin jawaban shugabanninmu na tarayya da Turanci ake yin su, mu kuma da Hausa muke isar da su ga mutanenmu. Mai taƙaitawa da Hausa aiki biyu yake yi lokaci guda, fassara da ragewa, kuma a kowanne akwai ƙofar da ra'ayi ke shigowa ba sallama. Babbar ƙofar ita ce fi'ilin da ake jingina magana da shi. A dubi waɗannan: ya ce kasafin bai yi tanadi ba, ya bayyana cewa kasafin bai yi tanadi ba, ya tabbatar da cewa bai yi ba, ya amsa cewa bai yi ba, ya yi iƙirarin cewa bai yi ba, ya fake da cewa bai yi ba. Maganar shugaban ɗaya ce a duka shidan, amma sau ɗaya kawai aka bar ta yadda take. “Bayyana” yana nuna abin gaskiya ne da ma, ɓoye yake aka fito da shi. “Tabbatar” ya fi haka nauyi, mai rubutu ya sa hannu a matsayin shaida. “Amsa” na nufin akwai laifin da aka matsa wa mutum har ya karɓa. “Iƙirari” a bakin 'yan jaridarmu ya zama ɗage gira, ana nufin ku ji dai abin da yake faɗa. “Fakewa” kuwa tuhuma ce tsirara. Ɗalibai sukan yi ƙorafin cewa maimaita “ya ce” sau goma a shafi guda yana sa rubutu ya yi lami, kuma tun a sakandare aka hore su da sauya kalma don ƙawa. Gaskiyarsu, yana yin lami. Amma na fi son miya marar gishiri a kan wadda aka zuba wa abin da mai ci bai sani ba. In an gaji da “ya ce”, akwai “a cewarsa”, da “in ji shi”, da “ya ƙara da cewa”, waɗanda ba su ɗauke da kaya.

Sai kuma “wai”, ƙaramar kalma mai babban aiki. A asali tana nuna cewa maganar ji aka yi, ba gani ba, kuma a hira ta yau da kullum tana iya zama ba ruwanta. Amma a sa ta a gaban alkawarin ɗan siyasa a ji yadda take sauya murya: “Ya ce wai zai samar da ayyuka miliyan ɗaya.” Babu Bahaushen da zai karanta wannan bai ji dariyar da ke ƙarƙashi ba. Kalma ɗaya ta gaya wa mai karatu cewa kada ya yarda, kuma ta yi haka ba tare da kawo hujja ko ɗaya ba, ta yadda in aka tuhumi mai rubutun zai ce ai shi bai ce komai ba. Kishiyarta su ne kalmomin zuga da suka cika kanun labaranmu: ya sha alwashi, ya lashi takobi, ya bugi ƙirji. Waɗannan na maroƙa ne. Mutum ya karanta jimla a sanyaye daga takarda, washegari a ce ya lashi takobi, alhali ko wuƙar yanka albasa ba a gani a wurin ba. Abin da ya sa nake ƙin su shi ne suna ƙara wa alkawari ƙarfin da mai shi bai ba shi ba, kuma hakan zalunci ne ta fuska biyu: an yi wa shugaban ado a yau, an kuma tanadar masa bulalar da za a dake shi da ita gobe a kan abin da bai rantse a kai ba.

Wannan batu na ƙarfin alkawari ya cancanci a daɗe a kansa, domin a nan ne masu rubuta wa shugabanni jawabi suke nuna gwanintarsu. A jawabin na 2023 an yi maganar lantarki, an yi ta ayyukan yi, an yi ta canjin kuɗi, kuma ba da murya ɗaya aka yi su ba. Game da matasa, shugaban ya ce za su cika alkawarin da suka yi lokacin yaƙin neman zaɓe na samar da sababbin ayyuka miliyan ɗaya a fannin fasahar zamani. Wannan alkawari ne sosai: akwai mai yi, akwai adadi, ko da yake ba a faɗi wa'adi ba. Game da lantarki kuwa, kalmar Turancin da aka yi amfani da ita ba ta “za mu” ba ce, ta “ya kamata” ce: ya kamata wutar da ake samarwa ta kusa ninkawa. Ba a ce wa zai ninka ta ba, ba a ce yaushe ba, sannan ga “kusa” an jingina a gefe. Game da canjin kuɗi, cewa ya yi dole Babban Banki ya yi aiki wajen ganin an sami farashin canji guda ɗaya. Wannan umarni ne ga wata hukuma, kuma umarnin na a nufi wurin ne, ba a ce a isa ran kaza ba. Game da sauyin fasalin naira da ya wahalar da jama'a a farkon shekarar, ya ce an tsananta wajen aiwatar da shi, za a sake duba manufar, kuma kafin nan tsofaffin kuɗi da sababbi duka za su ci gaba da aiki. “Za a sake dubawa” alkawarin dubawa ne kawai. Wanda ya rubuta “zai soke” ya yi wa shugaban ƙari.

Idan ɗalibi ya kawo mini taƙaitawar da ke cewa shugaban ya yi alkawarin ninka wutar lantarki, da samar da ayyuka miliyan ɗaya, da daidaita farashin dala, da soke canjin kuɗi, nakan gane cewa ya saurari jawabin, amma ya bi ta kansa da dutsen guga. Abu huɗu masu tsawo daban ya mayar da su kai ɗaya. Abin takaicin shi ne Hausa ba ta rasa kayan aikin da za ta bambanta su ba. Muna da “zai yi”, muna da “ya kamata a yi”, muna da “za a yi” wadda ke ɓoye mai aikin, muna da “yana fatan”, har ma muna da wata siga da dattawa suka fi mu iya amfani da ita, irin ta “ma duba” ko “a yi dai”, wadda kowane yaro da ya taɓa roƙon mahaifinsa keke ya san ba ta kai “za mu saya” ba. Duk Bahaushen da ya san bambancin “zan zo” da “na zo in Allah ya so” a bakin wanda ake bi bashi, ya riga ya san wannan darasi. Abin da ya rage shi ne ya riƙe shi lokacin da yake fassara maganar shugaba.

Tambayar da ta fi kowace tayar da ƙura a aji ita ce: to in mai jawabin ya faɗi abin da ba daidai ba fa, sai mu kwashe mu kai wa jama'a haka nan? Tambaya ce ta gaskiya, kuma jawabin namu yana da misalinta. Kasafin 2023 da gwamnatin Buhari ta bari ya ware wa tallafin mai kimanin naira tiriliyan 3.36, na wata shidan farko na shekarar, wato zuwa ƙarshen Yuni. Ke nan cewa babu tanadi ya yi daidai in ana nufin daga Yuli, amma ranar da aka yi jawabin da sauran wata guda a lissafin kasafin. Ma'ana, maganar tana buƙatar ƙarin bayani. Akwai hanyoyi biyu na ɓata wannan wuri. Mai son shugaban zai gyara masa a ɓoye, ya rubuta cewa ya ce kasafin bai yi tanadi ba daga watan Yuli, ya sa masa a baki wata ƙayyadewa da bai furta ba. Mai ƙinsa kuma zai rubuta cewa ya yi iƙirarin ƙarya cewa babu tanadi. Na farko ya yi wa faifan ƙarya, na biyu ya yanke hukunci a wurin da aka aike shi kai saƙo. Abin da nake koyarwa shi ne a kawo maganar yadda aka yi ta, a rufe ta, sannan a buɗe sabuwar jimla, ko ma sabon sakin layi mai alamar cewa wannan ƙarin bayani ne daga mai taƙaitawa, a faɗi abin da kasafin ya ƙunsa da inda aka samo shi. Mai karatu yana da hankali, in an ajiye masa biyun gefe da gefe zai auna. Sharaɗin kawai shi ne abin da za a sa a ƙarin bayanin ya zama irin wanda ake dubawa a gani, kamar adadi ko kwanan wata ko hukuncin kotu. “Wannan mataki zai jefa talakawa cikin wahala” ba ƙarin bayani ba ne, ko da ya tabbata daga baya. Sharhi ne, kuma shafin sharhi daban yake, ga shi ma a kansa muke.

Haka abin yake ga maganar zaɓe. Shugaban ya ce an yi fafatawa mai zafi, an kuma ci zaɓen bisa adalci, har ya ce tun farkon Jamhuriya ta Huɗu ba a yi zaɓen da ya fi shi inganci ba. A lokacin Atiku Abubakar da Peter Obi suna kotu suna ƙalubalantar sakamakon zaɓen na 25 ga Fabrairu. Jawabin kansa ya ambaci cewa abokan takararsa sun garzaya kotu, kuma haƙƙinsu ne. Mai taƙaitawa na gari zai kawo duka biyun, kowanne da “ya ce” a gabansa. In ya ɗauki yabon zaɓen ya bar zancen kotu, ya nuna shugaban a matsayin mai tinƙaho. In ya ɗauki zancen kotu ya bar yabon, ya nuna shi a matsayin mai tawali'u zalla. Ba a taɓa kalma ɗaya ba, da zaɓi kaɗai aka zana mutum biyu daban. Wannan ita ce hanyar son kai da ta fi wuyar kamawa, domin duk jimlar da aka duba za a same ta a faifan.

Ga yadda nake ganin wannan yanki na jawabin zai fito in an bi ƙa'ida: “A jawabinsa na kama mulki a Abuja ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Tinubu ya ce kasafin kuɗin da ya tarar bai yi tanadin tallafin man fetur ba, ya kuma ce tallafin ya tafi. Bai faɗi ranar da hakan zai soma aiki ba, bai kuma ambaci sabon farashi ba. A cewarsa, tallafin ya yi tsadar da ba za a iya ci gaba da kare shi ba, kuma gwamnatinsa za ta karkatar da kuɗin zuwa ayyukan more rayuwa da ilimi da lafiya da samar da aikin yi. Ya ce za su cika alkawarin samar da ayyuka miliyan ɗaya a fannin fasahar zamani, kuma ya kamata wutar lantarkin da ake samarwa ta kusa ninkawa. Ƙarin bayani: jimlar tafiyar tallafi ba ta cikin rubutaccen jawabin da aka raba, kuma kasafin 2023 ya yi tanadin tallafi zuwa ƙarshen Yuni.”

Mai lura zai tsaya a kan jimla ta biyu, ya ce ai faɗin abin da mutum bai faɗa ba ma wata hanya ce ta suka. Yana da hujja, kuma wuri ne da nake taka-tsantsan. Jerin abubuwan da jawabi bai ambata ba ba shi da iyaka, kuma duk wanda ya ga dama zai iya tsamo wanda zai kunyata mai magana. Iyakar da na ja wa kaina ita ce, ana ambaton giɓi ne kawai in rashin ambatonsa zai sa mai karatu ya cike shi da zato. Wanda ya ji “tallafi ya tafi” tambayarsa ta farko ita ce, daga yaushe? In taƙaitawar ta yi shiru, zai ɗauka ko dai an faɗa mai rubutu ya tsallake, ko kuma daga yau ne. Kuma abin da ya faru ke nan a zahiri: kafin gari ya waye layuka sun dawo gidajen mai, washegari masu magana da yawun shugaban suka fito suna cewa janyewar ba nan take ba ce, a daina rububin saye, sannan ranar 31 ga Mayu kamfanin mai na ƙasa ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da naira 200 zuwa 488 a Legas da 537 a Abuja. Duk waɗannan labarai ne masu nauyi, amma babu ɗayansu da ke cikin jawabin. Wanda ya zauna yau zai taƙaita faifan dole ya yi kamar bai san su ba yayin da yake rubuta abin da aka faɗa, in ba haka ba zai riƙa jin farashin yau a cikin maganar jiya, ya rubuta cewa shugaban ya sanar da ƙarin kuɗin mai. Bai sanar ba.

Akwai wata matsala da ban ga ƙa'idar da ta warware ta sarai ba, wato rabon fili. Zancen tallafi 'yan jimloli ne a jawabin da ya zagaya tsaro da noma da tattalin arziki da hulɗa da ƙasashen waje. In an bi gwargwadon lokacin da kowane batu ya ci, tallafi zai sami layi ɗaya can ƙasa. In an bi nauyin abin a rayuwar mutane, shi zai zo farko ya cinye rabi. Kowanne aka zaɓa an yi hukunci, kuma wanda ya ce shi bai zaɓa ba bai lura ba ne. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne, in taƙaitawar don ajiya ce ko nazari, a bi tsarin jawabin yadda mai shi ya jera, kowane batu ya sami rabonsa. In don labari ce, a fara da abin da ya fi shafar jama'a, amma a gaya wa mai karatu a sarari cewa wannan yanki ne daga jawabi mai faɗi, a kuma ambaci sauran batutuwan ko da a jimla ɗaya. Tafi da sowa da murmushi kuwa, waɗanda faifai ke ɗauke da su takarda ba ta da su, nakan bar su waje. A taron rantsuwa waɗanda aka gayyata ne ke zaune, tafinsu ba ƙuri'ar jin ra'ayin ƙasa ba ce.

Gwajin da nake yi wa aikin ɗalibai ba shi da wuya. A kowane aji akwai wanda kowa ya san ɗan ga-ni-kashe-nin gwamnati ne, akwai kuma wanda ko sunanta ba ya son ji. Nakan cire sunan mai rubutu in miƙa wa su biyun taƙaitawa ɗaya, in tambaye su abu biyu: shin haka aka faɗa, kuma wa kuke zaton mai rubutun ya zaɓa? In ɗaya ya yi murmushi ɗayan ya ɓata rai, akwai kalmar da ta karkata, sai mu bi layi-layi mu nemo ta, kuma sau da yawa a fi'ilin jingina magana ake samunta, ko a wani “dai” ko “ma” ko “har” da ya maƙale a tsakiyar jimla. “Har ya ce ba a taɓa zaɓe mai inganci irinsa ba” da “ya ce ba a taɓa zaɓe mai inganci irinsa ba” ba ɗaya ba ne, kuma mai karatun da ya koma sama zai ga ni ma da “har” ɗin na kawo ta, domin a nan sharhi nake yi. Taƙaitawar da ta tsira ita ce wadda su biyun suka karanta fuska ba walwala, mai goyon baya yana ganin ba a fito da ƙarfin halin shugaban ba, mai adawa yana ganin an yi masa sassauci, amma da na ce kowanne ya nuna mini jimla ɗaya da ba haka take a faifan ba, sai su mayar mini da takardar.